Yaya ake tsara littafin adashe na mutum ɗaya, wanda zai nuna zubi da kwasa ba tare da ruɗani ba?

Maman_Husna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sanin lissafi. Adashe ne na hannu 12, zubin 10,000 duk ƙarshen wata, an fara a Janairu, lamba ta 5 ce tawa. Uwar adashe tana da littafinta, amma ina son in buɗe nawa na kaina. Me da me ya kamata in riƙa rubutawa? Kwanan wata da kuɗi kawai sun wadatar, ko akwai ƙari?

Sadauki_M:
Wa alaikumus salam. Hajiya in ta banki kike turawa ai ba sai kin wahalar da kanki ba. Saƙon da banki ke turowa shi ne shaidarki, ga rana ga kuɗi ga sunan wanda ya karɓa. Ki daina goge su kawai.

Baba_Akawu:
Malam Sadauki, saƙon banki shaida ce mai kyau, amma abu ɗaya yake tabbatarwa, wato kuɗi sun fita daga asusunta ran kaza. Ba ya faɗin zubin wane zagaye ne, kuma a nan yawancin rigimar adashe take tasowa.

Ga misali da nata lissafin. A ce zubin Maris ya makara, ba ta biya ba sai 4 ga Afrilu, sannan ta biya na Afrilu ran 28 ga wata. Wanda ya duba saƙonnin banki zai ga babu komai a Maris, Afrilu kuma an biya sau biyu. Bayan wata shida, in uwar adashe ta ce "ba ki yi zubin Maris ba", saƙon bankin ma bayanta zai goya. Idan kuma uwar adashen ta ɗauki na 4 ga Afrilu ta rubuta shi a gurbin Afrilu, da na 28 ya shigo za ta iya tura shi gurbin Mayu, gurbin Maris ya zauna wayam har ƙarshe.

Don haka 'yata, kada ki jera littafinki bisa kwanan wata, ki jera shi bisa lambar zagaye. Ki samu littafi mai ɗinki, ba mai waya da ake cire takarda ba. Ki buɗe shafi biyu masu kallon juna, ki ja layi 12 tun yau, ki sa musu lamba 1 zuwa 12, kowane layi zagaye ɗaya. Sai ki raba gidaje a tsaye: lambar zagaye, sunan mai kwasa a wannan zagayen, ranar da ya kamata a zuba, ranar da kika zuba, nawa kika zuba, ta wace hanya da hannun wa, nawa kika kwasa, sai gida na ƙarshe, saura. Kuɗin da kika biya ran 4 ga Afrilu a layi na 3 zai zauna, domin na zagaye na 3 ne, ko da a wane wata ya fita.

Maman_Husna:
Na gode Baba. Na gane sauran, amma gidan "saura" ɗin nan me ake sa masa? Sauran watannin da suka rage?

Baba_Akawu:
A'a, kuɗi ne. Shi ke nuna matsayinki tsakaninki da adashen a kowane lokaci. Kafin ki kwasa ke kike bin adashe, bayan kin kwasa adashe ke bin ki. Duk layi sai ki ɗauki abin da ke gidan saura na layin da ya gabata, ki ƙara zubin da kika yi, ki cire abin da kika kwasa.

Layi na 1 saura 10,000, na 2 20,000, na 3 30,000, na 4 40,000. Duk wannan ke kike bi. A layi na 5 kin zuba 10,000 ya zama 50,000, kin kwashi 120,000, sai lissafi ya juya, ana bin ki 70,000. Ki rubuta shi da jan biro ko ki sa masa alamar ragi, don ido ya bambance. Daga nan kowane zubi yana rage shi, 60,000, 50,000, har layi na 12 ya zama babu.

Amfaninsa shi ne yana ba ki ma'auni. Bayan kwasa, abin da ake bin ki dole ya yi daidai da zagayen da suka rage sau kuɗin zubi. Zagaye 7 suka rage, sau 10,000, ya ba da 70,000. In biyun sun haɗu, littafinki lafiya yake. In sun saɓa, akwai abin da ba a rubuta ba ko ba a ba ki ba, kuma a watan za ki gani, ba sai ranar da adashe ya ƙare kowa ya watse ba.

Ummi_Tela:
Ni abin da zan ƙara shi ne a rubuta sunan kowa da lambar wayarsa da na mai tsaya masa, kowane mutum da shafinsa, duk wanda ya kawo a yi masa alama ya sa hannu. Kuma kada a ba sabon shiga lambar farko, a bar shi can ƙarshe sai an ga riƙon amanarsa.

Alkalami77:
Anti Ummi, wannan littafin uwar adashe kike bayyanawa, kuma daidai ne a wurinsa. Ita Maman Husna mai zubi ce, ba ta ganin kuɗin sauran mutane, to ba za ta iya yi musu alama ba. Abin da take buƙata daga naki bayanin shi ne shafin farko: sunayen masu hannu da jerin kwasarsu, kuɗin zubi, ranar zubi, kwana nawa ake ɗaga wa mutum ƙafa, tarar makara in akwai, da ladan uwar adashe in ana cirewa. Ta rubuta ranar da aka amince da wannan jerin. Shi ke nan, sauran shafin nata ne ita kaɗai.

Ummi_Tela:
To na fahimta, na ɗauka ita ke riƙe da adashen. Amma sa hannun dai yana nan. Duk zubin da aka ba da hannu da hannu, mai karɓa ya sa hannu a littafin mai bayarwa nan take, a layin wannan zagayen. In aike aka yi, a rubuta sunan ɗan aiken, kuma kada a cika gidan "na zuba" sai uwar adashe ta tabbatar ya iso.

DanTakarda:
Baba Akawu ya kawo ma'auni mai kyau, amma akwai wurare uku da yake karkacewa ranar kwasa, kuma duk a layi ɗaya suke faruwa.

Na farko, uwayen adashe da yawa ba sa karɓar zubi daga mai kwasa a watansa. Sai su tara na mutum 11 su miƙa masa 110,000, a ce nasa yana hannunsa. In Hajiya ta rubuta "na kwashi 110,000" ta bar gidan zubi babu komai, saura zai fito 70,000 daidai, domin 40,000 ne ya fita daga 110,000. Amma in aka ƙirga zubinta a ƙarshe 11 za a samu, ba 12 ba, kuma duk wanda ya gaji littafin uwar adashe ko ya zo sasanci zai ce akwai wata ɗaya da ta tsallake. Gyaran shi ne ta cika gida biyun: zubi 10,000, kwasa 120,000, sai ta rubuta a gefe "an cire zubina daga kwasa, 110,000 ya shigo hannu".

Na biyu, lada. In uwar adashe tana cire 2,000, abin da zai shigo 118,000 ne. Wanda ya rubuta 118,000 a gidan kwasa zai ga ana bin sa 68,000, alhali zubin da ke gabansa 70,000 ne. Zai ƙare adashe littafinsa yana nuna yana bin wani 2,000, kuma babu wanda yake bi. Kwasa 120,000 ce, ladan ya tafi wani shafi daban na kashe-kashe. Haka tarar makara, haka cajin tura kuɗi. Duk abin da ba zai dawo a kwasa ba, kada ya shiga gidan zubi.

Na uku ya fi muhimmanci, wato kwasa ba ta cika ba. Mutum biyu ba su kawo ba, aka ba ta 100,000 aka ce ciko na nan tafe. Nan kam abin da ya shigo za ta rubuta, 100,000. Saura zai nuna ana bin ta 50,000, ma'auni kuma ya ce 70,000. Bambancin 20,000 shi ne cikonta, kuma zai ci gaba da fitowa a kowane layi har ranar da aka biya ta. Kuskuren da ake yi shi ne a rubuta 120,000 saboda an yi alkawari, bayan wata uku an manta.

Sadauki_M:
Na karɓi gyara a kan lambar zagaye. Sai dai har yanzu ina ganin in mutum ya rubuta "adashe zagaye na 3" a wurin bayanin turawa, ya kashe rabin matsalar tun daga banki.

Alkalami77:
Gaskiya ne, a riƙa yin haka. Amma ka tuna abu biyu. Wani lokaci kuɗi kan fita, saƙo ya zo, bayan kwana ɗaya ko biyu su dawo asusun saboda turawar ba ta wuce ba. Saƙon fita yana nan a waya, kuɗin kuma ba su je ba. Sannan in ta hannun mai tura kuɗi ko asusun miji ko ɗa aka tura, sunan da uwar adashe za ta gani ba na mai zubi ba ne. Shi ya sa gidan "ta wace hanya" ake so a cika shi sosai: sunan asusun da kuɗin suka fito, da lambobi 4 ko 6 na ƙarshen lambar turawar. Rasit ɗin da na'ura ke fitarwa kuma rubutunsa yana koɗewa, musamman in ya sha zafi ko rana, a kwafe lambarsa a littafi ko a ɗauki hotonsa a ranar.

Yaya_Larai:
Don Allah ku duba mini nawa. Irin wannan adashen ne, hannu 12, zubin 10,000, amma hannu ɗaya da rabi ne nawa, wato 15,000 duk wata. Cikakken hannun lamba 3, rabin kuma lamba 9, mun haɗa da wata. Na gwada lissafin Baba, bayan zagaye na 3 na zuba 45,000 na kwashi 120,000, saura 75,000. Amma zagaye 9 sau 15,000 ai 135,000 ne. Ina kuskuren?

Baba_Akawu:
Babu kuskure a lissafinki Larai, hannu biyun kika haɗa a shafi ɗaya. Ma'aunin yana aiki ne a kan hannun da ya riga ya kwasa, naki kuwa ɗaya ya kwasa ɗaya bai kwasa ba. Ki raba su, kowane hannu da shafinsa, ko da a turawa ɗaya kike biya.

Shafin cikakken hannu: kin zuba 30,000 a zagaye uku, kin kwashi 120,000, ana bin ki 90,000, wato 9 sau 10,000. Ya haɗu. Shafin rabin hannu: kin zuba 15,000 zuwa yanzu, ke kike bi. A zagaye na 9 zai kai 45,000, ki kwashi 60,000, a bi ki 15,000, wato 3 sau 5,000. Shi ma ya haɗu. Wannan 60,000 da kika ga ya ɓata tsakanin 75,000 da 135,000, ita ce kwasar rabin hannun da ba ta zo ba tukuna.

A shafin rabin hannun ki rubuta sunan abokiyar haɗinki, da kuma wa ke miƙa kuɗin. In ita kike ba 5,000 ta haɗa ta kai, to hannunta kuɗinki suka shiga, ita za ta sa miki hannu. Uwar adashe hannu ɗaya ta sani, in bai cika ba ku biyun za ta nema.

Hajiya_Binta_K:
Ba ku taɓo musanya ba, kuma tana yawan faruwa. Wani ya matsu, ya roƙi mai lamba 5 ta ba shi gurbinta ta koma lamba 8. Yaya littafi zai ɗauki wannan?

DanTakarda:
Hajiya, kada a goge komai, kada a shafe da farin ruwa. A ja siririn layi ɗaya a kan tsohon suna yadda zai karantu, a rubuta sabon a samansa, a layi na 5 da na 8 duka. A ƙasan shafin a sa ranar da aka yi musanyar, da wa aka yi, a gaban wa, kuma uwar adashe ta sani. A rubuta ko ta wannan zagayen ce kawai, domin in aka sake sabon adashe da tsohon jeri, nan gardama kan tashi a kan wa ke da lamba 5. Lissafin saura kuma ba ya canzawa: za ta ci gaba da bi har 80,000 a layi na 8, ta kwashi 120,000, a bi ta 40,000, zagaye 4 da suka rage.

Wadda ta fi haɗari ita ce rabin musanya, a ce "ba ni 60,000 daga kwasarki, in tawa ta zo in mayar miki". Wannan ba musanya ba ce, rance ne tsakanin mutum biyu. Adashe ya ba ta 120,000, haka za ta rubuta. 60,000 ɗin ya tafi shafin basussuka da sunan wanda ya karɓa. In ta rage shi daga kwasa, littafin zai nuna kamar adashe ne bai cika mata ba.

Hajiya_Binta_K:
To wannan ya kawo ni kan cikon da ka ambata a sama. Wannan 20,000 da sunan wa za a rubuta shi? Ni a ganina da sunan uwar adashe, ita ta tara mutanen, ita ta san su, mai zubi wani lokaci ko ganinsu ba ta taɓa yi ba.

Alkalami77:
Ban yarda gaba ɗaya ba Hajiya. Ya danganta da sharaɗin da aka gindaya tun farko. In uwar adashe ta ɗauki nauyin cikawa, musamman in tana karɓar lada, to ita ake bi. In kuwa tarawa kawai take yi don Allah, rubuta bashin da sunanta zalunci ne, na waɗanda ba su kawo ba ne. Shi ya sa na ce a sa sharuɗɗa a shafin farko.

Hajiya_Binta_K:
Adashe nawa ne ake zama a faɗi wannan sharaɗin a fili? Yawanci ba a tayar da maganar sai abin ya faru. Kuma wata uwar adashen ba za ta faɗa miki sunan wanda ya makara ba, don rufin asiri.

Baba_Akawu:
Littafi ba zai yanke muku wannan hukuncin ba. Abin da zai iya shi ne ya riƙe abin da ya faru: ciko 20,000, zagaye na 5, an ce mutum biyu ne ba su kawo ba, uwar adashe ta ce za a cika ran kaza. In an faɗi sunaye a sa, in ba a faɗa ba kada a rubuta zato. Duk abin da ya shigo daga cikon, ko 5,000 ne, a ba shi ɗan layi a ƙarƙashin layi na 5 da ranarsa. Shi ya sa yana da kyau a bar tazarar layi biyu tsakanin zagaye da zagaye tun wurin ja.

Nura_Lissafi:
Ga masu son yi a waya ko kwamfuta, tsarin Baba yana shiga Excel ko Google Sheets cikin sauƙi. A ce gidan A lambar zagaye ne, D zubi, E kwasa, F saura, layin farko kuma kanun gidaje ne. A F2 a sa na farko, a F3 a sa na biyu a ja shi zuwa ƙasa:

```
=D2-E2
=F2+D3-E3
```

Ma'aunin bayan kwasa kuma, a layin zagaye na 5:

```
=F6+(12-A6)*10000
```

In ya ba da 0 komai daidai. In ya ba da 20000, ciko ne ake bin adashe. Amma ba shi da ma'ana a layukan da suka zo kafin kwasa, kada ya tsorata kowa.

Ummi_Tela:
Waya tana da kyau wajen haɗa lissafi, amma ba a sa hannu a cikinta, kuma mai ita zai iya canza lamba ba wanda ya sani. Ranar gardama littafi mai sa hannun uwar adashe ya fi nauyi. Wanda zai iya ya riƙe biyun, ya riƙa ɗaukar hoton shafin duk bayan zubi don gudun ɓata ko jiƙewa.

Maman_Husna:
Allah ya saka da alheri, na ja layukan. Tambaya ɗaya ta rage. In wani ya fita a tsakiya kafin ya kwasa, misali bayan zagaye na 4, sai in sake sabon shafi?

DanTakarda:
In an samu wanda ya maye gurbinsa, suna kawai za ki canza, maganar 40,000 ɗinsa tsakaninsa ce da sabon da uwar adashe. In ba a samu ba, hannu ya koma 11, zagaye ya koma 11, kwasa daga nan ta koma 110,000. Ki soke layi na 12, ki gyara jerin sunaye, ki rubuta ranar. A layi na 5 kin zuba 50,000, kin kwashi 110,000, ana bin ki 60,000, zagaye 6 suka rage. Ya haɗu, ba ki yi asarar komai ba, domin zubi 11 za ki yi.

Kuɗin wanda ya fita suna hannun mutum huɗun da suka riga suka kwasa, 10,000 kowanne. Su sun karɓi 120,000 amma zubi 11 za su yi, don haka littafinsu zai ƙare ana bin su 10,000, kuma ta mai fitar ce. Inda ake cutar mutane shi ne a ce duk 'yan adashe su haɗa a mayar masa, har da waɗanda ba su taɓa karɓar kuɗinsa ba.

Yaya_Larai:
To ni da na kwasa a lamba 3 ina cikin huɗun ke nan. Wannan 10,000 yaushe ake mayar masa, nan take ko sai an gama?

Hajiya_Binta_K:
Wasu sai an gama suke bayarwa, don kada fita ta zama hanyar karɓar kuɗi da wuri. Wasu kuma a watan da kwasarsa za ta faɗo. Ki tambayi uwar adashenku tun kafin ya faru, ki sa amsar a shafin farko da ranar da ta faɗa.

Sadauki_M:
In kuma wanda ya riga ya kwasa ne ya daina zubi fa? Baba, gidan saura zai nuna ciko ga duk wanda ya kwasa bayansa, amma waɗanda suka kwasa kafin ya tsaya littafinsu zai fita fes, ba su rasa komai ba. A raba asarar ne ga kowa, ko a bar ta kan na ƙarshe?